Gwafar Ƙarfe a Bakin Rijiya

Haƙar rijiya na gada, ita nake yi har yau. Sau biyu ƙasa ta rufta da ni. Na farko a Gafasa, aka tono ni da hannu. Na biyu ya bar mini ɗingishin da nake yi. Ba na yawan ba da labarinsu. Wanda zan ba da shi ne na ranar da ban ji ko ƙwarzane ba.

Wani dattijo a Toranke ya aiko a kira ni. Rijiyar gidansa ta fara zubewa daga ciki, ga damina ta matso. Maganin irin wannan ɗaya ne, a zura mata kwalbati, wato zoben kankaren nan da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya. Kowane ɗaya ya kai nauyin buhun masara uku. A al'ada itace uku muke kafawa a kan bakin rijiya, mu haɗa kawunansu, mu rataya cen-bulok, na'urar sarƙar nan mai ɗaga kaya. To wannan rijiyar tana matse tsakanin katanga da rumbu. Babu inda ƙafa ta uku za ta tsaya.

Na tafi Gaya wajen abokina mai walda. Tare muka taso, kuma shi ke gyara mini kayan aiki tun da ya buɗe rumfarsa. Ya saurare ni yana tauna goro, ya ce, “Ƙafa uku ta ƙi, sai mu yi ƙafa ɗaya.”

Abin da ya ƙera ke nan. Turken ƙarfe ɗaya mai kauri, mai faffaɗan gindi da ake dannewa da buhunan yashi. Daga kan turken hannu ya miƙe kwance, tsawon ƙafa shida, a bakinsa ake rataya cen-bulok. A ƙarƙashin hannun akwai matokari a karkace. Gindinsa yana jikin turke, ƙafa biyu ƙasa da kai, kansa kuma yana tokare da hannun, ƙafa biyu daga turke. Gindin hannun yana da fil, guntun ƙarfe da ya ratsa shi ya fito hagu da dama. Domin mu riƙa cire hannun muna ɗorawa a kurkura, sai ya yi wa kan turken gwafa, irin ta rumfa, bakinta a buɗe sama. Fil ɗin ya kwanta a ciki. Ya rufe saman da ɗan siririn fallen ƙarfe da ƙaramin noti, don kada ya riƙa ƙara.

Ya kama bakin hannun ya yi lilo da shi, ƙafafunsa a sama.

“Ka gani? Ko surukarka ka rataya ba zai motsa ba.”

“Ka bar surukata,” na ce. “Ta fi ka nauyi, ta fi ka hankali.”

Ban ga aibi ba. Duk wanda ya taɓa kafa rumfa ya san azara kwanciya take a gwafa, nauyi ya ƙara danne ta. Ba a ɗaure ta don tsoron za ta tashi sama.

Ga yadda aikinmu yake. Idan za a sauke kwalbati, ni nake tsayawa a ƙasan rijiya, a tsakiya. Zoben ya sauko a hankali ya kewaye ni, in kama shi in daidaita shi. Idan ya kuɓuce daga sama, babu gefen da zan matsa. Rijiya ba ta da gefe.

Ranar aiki muka kafa turke da hantsi. Mai walda ya biyo mu don ya ga abinsa yana aiki. Na cire riga, na ɗaura igiya a ƙugu. Gidan cike yake da mata, an yi suna jiya. Sai wata ta fito daga cikinsu da buta a hannu, ta tsaya tana kallon kan turken. 'Yar dattijon ce, injiniya ce a wani kamfanin gine-gine a birni, suna ne ya kawo ta. Ta gaishe mu, sannan ta ce, “Baba, me ya riƙe wannan fil ɗin daga sama?”

Mai walda ya amsa. “Nauyi mana, 'yata. Kaya ƙasa yake ja.”

“A bakin hannun ƙasa yake ja. A gindin fa?”

“Ƙarfe ɗaya ne ai.”

Ta ajiye butar. “Don Allah, Baba,” ta ce da ni, “kada ka shiga tukuna.”

Raina ya ɗan sosu, don rana tana yi. Amma mutumin da aka taɓa tonowa ba ya gardama da wanda ya ce masa dakata. Na tsaya.

Ta sa aka kawo turmi da doguwar gora. Ta ɗora gorar a kan turmin, guntun ɓangaren wajena, dogon wajen rijiya. Ta ce in riƙe gindin. Ta rataya guga cike da ruwa a can bakin. Gindin gorar ya fizgo hannuna sama, sai da na danna da ƙarfi.

“Tallafa kake yi ko dannawa?”

“Dannawa.”

“Hannunka shi ne fil ɗin. Turmin shi ne matokari.”

Sannan ta janye turmin, ta ba mai walda taɓarya ya tokare gorar da ita a karkace, gindin taɓaryar a ƙasa kusa da ƙafata, kamar yadda matokarinsa yake. Da aka mayar da gugan, gorar ba sama kawai ta ja ni ba, har gaba ta nemi tafiya da ni, wajen rijiya. Matan suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce a dawo mata da taɓaryarta kafin maza su karya.

Injiniyar ta tsuguna ta zana a ƙasa da tsinke. Ban iya karatu ba, amma na san buhu, da buhu ta yi mana magana. Ta ce matokari a wuri biyu kawai ake taɓa shi, kai da gindi, shi ya sa ƙarfinsa ke bin tsawonsa, ba ya kaucewa. Hannun kuwa a wuri uku ake taɓa shi: kaya a baki, matokari a ciki, fil a gindi. Irin wannan ba a kallon inda ya miƙe a ce nan ƙarfin fil ya nufa. Sai an raba shi biyu, na tsaye daban, na kwance daban.

“Kaya yana ƙafa shida daga fil, matokari yana ƙafa biyu. Dole matokari ya tura sama da ninki uku na kayan. Buhu uku kuka rataya, tura tara yake yi. Uku na kaya ne. Ragowar shida fa, wa ya danne su?”

“Fil,” in ji mai walda, a hankali.

“Kuma yadda kuka karkata matokarin, gwargwadon turin da yake sama, haka yake yi gaba. Buhu tara ke nan suna jan fil ɗin wajen rijiya, shida suna fizgar sa sama. Fil ɗin ba kwanciya yake a gwafar nan ba, Baba. Hanyar fita yake nema. Ɗan notin nan ne kawai a gabansa.”

Mai walda ya ce, “Ai na rataya da kaina.”

“Kai buhu nawa ne?” na tambaye shi.

“Kai dai Allah ya shirye ka.”

Shi ne ya ce a gwada, kuma na yaba masa. Muka juya hannun ya bar bakin rijiya, ya koma kan tsakar gida. Ita ta sa aka zagaya wata sarƙa sakwa-sakwa tsakanin gindin hannun da turken, don in ya tashi ta cafke shi. Aka kori kowa baya. Muka ɗaura kwalbati ɗaya. Mai walda ya tsaya daga gefe yana jan sarƙar da miƙaƙƙen hannu.

Zoben ya bar ƙasa kamar tsawon tafin hannu. Ni idona yana kan fallen. Na ga ya fara kumbura kamar bayan kunkuru. Leɓen gwafar na gaba shi ma ya ɗan buɗe. Ban kai ga yin magana ba notin ya tsinke da ƙara kamar bindigar toka. Gindin hannun ya yi tsalle sama, sarƙar ta cafke shi, zoben ya daki ƙasa har kaji suka watse.

Babu wanda ya ji ciwo. Aka yi ta salati.

Na duba ƙuguna. Igiyar tana nan ɗaure. Ban ko kwance ta ba. Sai na zauna a kan turmin. Dattijon ya miƙo mini ruwa a kwanon sha.

Mai walda ya zo ya tsaya a kaina. Fuskarsa ta yi fari fat.

“Da na kashe ka,” ya ce.

“Ba ka kashe ni ba. Ɗauki ƙarfenka mu tafi.”

A ranar muka koma Gaya da turken da hannun. Injiniyar ta biyo mu a bayan babur ɗin ƙanenta, da lalle a ƙafa. Mai walda ya yanke gwafar ya jefar. Ya samo ƙarfe mai kauri daga shasin tsohuwar babbar mota, ya yanka kunnuwa biyu, ya huda su, rami rufaffe ba baki ba. Ita ta nuna masa inda zai bar naman ƙarfen da yawa, sama da ramin da kuma gabansa, tunda can ake ja. Ta ce a ƙara kaurin fil ɗin, a bi waldar kunnuwan ciki da waje. Ta duba fil biyun matokarin ma, ta sa aka canja su, ta ce turin da ke bi ta cikinsu ya fi na kowa. Yadda za a riƙa cire hannun kuwa, shi ya samo dabara: fil ɗin ya zama mai zarewa ta gefe, da ƙusa a bakinsa. Ta ce wannan bai zo mata ba. Ya ɗan samu bakin magana daga nan, har ya soma cika baki kamar yadda ya saba.

Da muka koma Toranke, a tsakar gida muka fara. Kwalbati ɗaya, da buhunan yashi a kansa. Muka bar shi a rataye har muka yi azahar muka dawo. Yana nan inda muka bar shi. Na sa yatsa a kan waldar, na kara kunne a jikin turken. Shiru.

Ta roƙe ni abu ɗaya kafin ta koma birni. Ta ce a riƙa sauke zoben tukuna, sai ya kusa zama sannan in bi igiya in daidaita shi. Na ce ubana ba haka ya yi ba. Ta ce ta sani. Na yi yadda ta ce. Ya fi cin lokaci, zoben yakan karkace, nakan yi ta masifa a ƙasa. Haka nake yi har yanzu.

Muka gama rijiyar kafin ruwan farko. Da na isa gida ranar da notin nan ya tsinke, matata ta tambaye ni ya aiki. Na ce lafiya lau. Ta kawo tuwo, na cinye, na ce ta ƙaro. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta tashi ta ƙaro.