Zobba Uku a Kan Farin Ƙyalle

Zobban azurfa nake sayarwa daga gida a Ƙanƙara. Ɗiyata ta ce sai da hoto mai kyau mata ke saye, ta nuna mini wata manhajar waya da ake ba hoton zobba, a rubuta mata yadda za ta jera su, ita kuma ta fitar da sabon hoto. Na rubuta a hankali, da rubutuna na yaƙi da jahilci: a kalle su daga sama tsaye, farin ƙyalle a ƙasa, zobba uku a tsakiya, yatsa biyu tsakaninsu. Jan goro a dama, baƙin zare a hagu don kada ja ya rinjaya, farin wuri ƙwaya bakwai a kewaye, haske daga taga.

Hoton ya fito tsaf. Na nuna wa gwaggona da ta zo daga Ketare. Ta daɗe tana kallo.

"Ke, wa kike kira?"

"Masu saye, Gwaggo."

"Haka kakarki ke jera wa iskoki a gindin tsamiya. Har yatsa biyun. Wa ya koya miki?"

Ba wanda ya koya mini. Kakata ta rasu ina goye.

Na goge hoton. Zobban na saka a aljihun jaka, na bi gida-gida da su.