Gaisuwar Auta

Ɗinkin labule ne sana'arta, har sunan ya bi ta, kowa a layinsu Mai Labule yake ce mata. Shagonta ɗaki ne guda a ƙasan benen da suke haya, da keken ɗinki biyu da teburin yanka, a sama kuma ita da mahaifiyarsu, Inna. Tun da mijin Mai Labule ya rasu ta ɗauko Inna ta dawo da ita wurinta, don sauran 'yan'uwa duk sun watse. Yayansu namiji yana koyarwa a wani gari mai nisa, ƙanwarta ta bi miji, Auta kuwa ya tsallake teku, yana aikin walda a manyan gine-gine.

Idon Inna ya yi rauni, ba ta ganin rubutu, amma kunnenta ko motsin ɓera ba ya wuce shi. Shi ya sa duk shekara, ranar babban biki, Mai Labule takan rufe shago ta zama sakatariyar gaisuwa. Tun jajibere take cika waya da caji, ta sayi data, ta goge hotunan labulen kwastomomi don saƙonni su samu wurin sauka. Ta taɓa gwada ɗaukar murya guda ta watsa wa kowa a lokaci ɗaya. Rabin dangi ba su samu ba, domin irin wannan saƙo ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba, waɗanda suka samu kuma suka yi ƙorafin ba a ambaci sunansu ba. Inna ta ce, "Ni ba shela nake yi ba, gaisuwa nake yi." Daga ranar sai ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami.

Na Auta ne kullum yake fara shigowa. Garin da yake yana riga nasu wayewa, kafin Inna ta farka muryarsa tana cikin waya tana jira.

Bana, ana saura kwana kaɗan biki, matar Auta ta kira Mai Labule tana kuka. Ya faɗo daga kan katakon gini. Muƙamuƙinsa ya karye, likitoci sun ɗaure haƙoransa da waya, kansa ma ya bugu. Yana farkawa yana komawa.

Mai Labule ta zauna a kan tarin yadi ta kira Yaya.

"Kada Inna ta ji," in ji shi. "Kin manta abin da likita ya ce kan zuciyarta?"

"To ranar biki fa? In ba ta ji muryarsa ba ai ta ji komai."

"Ina da gaisuwarsa ta bara, wadda kika turo mini. Zan dawo miki da ita. Kunna mata kawai."

"Yaya, Inna ce fa."

"Na san Inna ce. Kin fi son ki ɗauke ta zuwa asibiti ranar biki?"

Can sai saƙon ya shigo, da 'yar kibiya a samansa mai nuna turowa aka yi.

Ranar ta zo. Inna ta yi wanka, ta sa sabbin kaya, ta zauna a kujerarta ta gefen taga, ta miƙo hannu kamar mai karɓar kofi.

"Sa mini ɗan banzan nan in ji."

"Bai shigo ba tukuna, Inna. Kin san yau kowa na turawa, sabis ya cushe."

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A irin wannan rana saƙo yakan tsaya yana juyawa, da alamar agogo a gefensa, kafin ya tafi. Inna ta ce to a fara da manya.

Suka fara. Mai Labule ta danna alamar makirufo ta ja ta sama ta kulle, don in da yatsa za ta riƙe, sai ya sage kafin Inna ta gama. Ta kawo wayar kusa da bakin Inna.

"Barka da wannan rana, Allah ya maimaita mana," Inna ta ce wa ƙaninta, Kawu. "Ina ƙafar? Ka daina hawa babur ɗin nan, ka tsufa, ko ba ka da madubi ne?"

Ta gaida matarsa, ta bi 'ya'yansa ɗaya ɗaya, ta manta ɗaya, aka goge aka sake. Sai an kunna mata ta ji kanta ta yarda sannan a tura. Bayan Kawu sai Gwaggo, sai aminiyarta ta ƙuruciya, wadda ƙaramar waya gare ta, ita sai an rubuta mata gajeren saƙo jikanta ya karanta. Kowane saƙo ya tafi, Inna sai ta tambaya, "Alama nawa?" Ta san ɗaya na nufin ya bar hannunsu, biyu ya isa, in ta zama shuɗiya an buɗe.

Amsoshi suka fara shigowa. Kawu ya ce madubinsa ya fashe ranar da ta leƙa. Inna ta yi dariya, amma kanta na karkace wajen wayar, duk ƙarar da ta yi sai ta ce, "Shi ne?"

"Ƙanwata ce."

"Shi ne?"

"Hoton fure ne, wata kwastoma."

Rana ta ɗaga. Wayar ta yi ƙara, Yaya ne. Mai Labule ta fita kan matakala ta ja ƙofa.

"Kin kunna?"

"Na saurara jiya. A ƙarshe ya ce 'yarsa ta fara rarrafe. Yarinyar da yanzu take gudu, Inna ta ji surutunta da kunnenta."

"Yanke wurin."

"Ba a yanke saƙon murya a nan, sai dai in tsayar."

"To tsayar mana! Ki ce nan ya ƙare."

"Matarsa ta kira ka yau?"

"Wayarta a kashe. Ba a barin waya a ɗakin da yake." Muryarsa ta yi ƙasa. "Don Allah, ƙanwata. Yau kaɗai."

Ta tsaya a matakalar tana jin yara a titi da hayaniyar maƙwabta. Sannan ta koma ciki.

"Ya shigo, Inna."

Fuskar tsohuwar ta saki. Mai Labule ta durƙusa gabanta ta danna, babban yatsanta yana rataye a kan wurin tsayarwa. Muryar Auta ta cika ɗakin, da dariyarsa da ƙarar injin a bayansa.

"Innata ta kaina! Barka da wannan rana. Ina nan lafiya, na yi ƙiba har wando ya ƙi ni. Ki ce wa Mai Labule ta ɗinka mini na labule, shi ne zai ishe ni. Allah ya ƙara miki lafiya, ya nuna mana ta baɗi."

Ta tsayar. Ɗigon da ke tafiya a kan layin muryar bai kai ƙarshe ba, amma Inna ba ta ganinsa.

"Sake," in ji Inna.

Ta sake, ta tsayar a wuri guda.

"Ya ja numfashi zai ƙara magana. Me ya sa kike katse shi?"

"Nan ya ƙare."

"Ba ni wayar."

Ba ta taɓa hana Inna abu a hannu ba. Ta miƙa. Yatsun tsohuwar suka lalubi gilashin, suka taɓa nan suka taɓa can, har suka dace.

"Af, na manta, Inna! Jikarki ta fara rarrafe, jiya ta kai bakin ƙofa."

Inna ta ajiye wayar a cinyarta a hankali. Hannunta ya tafi ƙirji.

"Ya mutu ke nan."

"A'a! Wallahi, Inna, yana da rai."

"Kin yi mini ƙarya tun safe. Da wane baki zan yarda?"

Mai Labule ta riƙe gwiwoyinta ta faɗa mata komai, faɗuwar, da muƙamuƙin, da wayar da aka ɗaure haƙora da ita. Numfashin Inna ya riƙa fita gajere gajere. Mai Labule ta ruga ta ɗauko ƙwayar da ake sa wa Inna a ƙarƙashin harshe, ta buɗe taga, ta tsaya da lambar mai tasi a hannu tana kallon ƙirjin uwarta yana hawa yana sauka. Da kyar ya lafa.

"Mu je asibiti, Inna."

"Ban gama gaisuwa ba. Saura ƙarami. Danna mini."

Sau biyu makirufon yana kuɓuce wa Mai Labule kafin ya kulle. Inna ta gyara murya, ta fito da ita daidai, kamar ba abin da ya faru.

"Auta, barka da wannan rana, Allah ya maimaita mana. An ce an ɗaure maka baki. To madalla, matarka ta huta. Kada ka yi ƙoƙarin magana. Ni dai a sa maka wannan a kunne, ka san na gaishe ka."

Ba ta nemi a kunna mata ta ji ba. Saƙon ya yi ta juyawa, sannan ya tafi.

"Alama nawa?"

"Ɗaya."

Maƙwabta suka shigo gaisuwa, Inna ta amsa musu sama sama, suka ga ba fuska suka fita. Abinci ya huce a kan tebur. Yaya ya kira, Inna ta ce kada a ɗauka, kada layi ya cushe, ko da yake ta san ba haka abin yake ba. Mai Labule ta kashe data ta kunna, ta je bakin taga ta ɗaga wayar sama. Ɗaya dai.

Sai da rana ta karkata alamar ta zama biyu. Mai Labule ta faɗa da ƙarfi har ta tsorata kanta. Jim kaɗan ta zama shuɗiya. A saman allon aka rubuta cewa ana ɗaukar murya. Rubutun ya ɓace. Ya dawo, ya sake ɓacewa.

"Me ake ciki?"

"Matarsa na ɗauka tana gogewa."

"Me za ta goge?" Inna ta damƙe hannun kujera.

Saƙon ya shigo, gajere ƙwarai. Mai Labule ta kai shi kunnen Inna, ta manna nata kunnen a bayan wayar. Matar Auta ce, tana raɗa: nas ta bar ta ta shiga da waya na ɗan lokaci, ya farka, ya ji, ga shi. Sai ƙarar wata na'ura, sai numfashi mai nauyi. Sannan wani sauti ya fito ta tsakanin haƙora, a dunƙule, gaɓa biyu.

"Ya ce Inna," in ji Mai Labule.

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

Sai a lokacin tsohuwar ta yi kuka, ta rufe fuska da gefen mayafi. Da ta gama ta yarda aka kira mai tasi. Likita ya riƙe ta kwana guda ya sallame ta.

Auta ya yi watanni kafin ya koma aiki, kuma bai sake hawa sama ba, a ƙasa yake walda yanzu. Yaya kuwa ya sha fushin Inna, sai da ya hau mota ya zo da kansa ya durƙusa. Mai Labule ba a yi mata faɗa ba ko sau ɗaya, abin da ya fi damunta ke nan. Washegarin dawowarsu daga asibiti ta sauka ta buɗe shago, akwai labulen wani ofis da ta yi alkawari. Tana cikin auna yadi ta ji sandar Inna tana buga bene daga sama, alamar a kawo shayi. Ta ajiye almakashi ta hau.