Tef Ɗin Baba

Auta na share ƙyallaye a ƙarƙashin keken ɗinki sai wani hoto ya shigo wayarta. Wani ma'aikacin gidan abinci ne sanye da rigar da aka ɗinka a shagon su Auta, maɓallan ƙirji sun ɗaure kamar za su tsinke, har ana hango singiletinsa. A ƙasa manajan gidan abincin ya rubuta: "Duk haka suke. Ba ke kika ce a bi lambobinki ba?"

Ta ajiye tsintsiyar.

Baba tela ne tun kafin a haife ta. Rigunan maza yake ɗinkawa ya rataye: ƙarama, matsakaiciya, babba. Bai taɓa rubuta awo ya manna ba. Mai saye zai shigo, Baba ya kalle shi daga kafaɗa zuwa tumbi ya ce, "Kai da matsakaiciya ai kun rabu tun da ka yi aure." A yi dariya, a gwada, ta zauna daidai. Da wannan keken ya kai Auta har jami'a.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Dogo, tsohon abokin aikinsa, ya ci gaba da yanka da ɗinki, ita kuma da ta gama karatu babu aiki ta koma sayarwa ta waya. Tambaya ɗaya ta hana ta sakat: "Za ta yi mini?" Wani ya turo hotonsa, wata ta ce mijinta kamar Dogo yake amma ya ɗan fi shi cika. Da ta gaji, sai ta ɗauko tef ɗin awon Baba daga ƙusa, ta shimfiɗa kowace riga a tebur, ta auna daga hammata zuwa hammata, ta ninka biyu, ta rubuta faɗin ƙirji a santimita. Ta ƙara da bayani: ka auna ƙirjinka, ka zaɓi rigar da ta fi shi da santimita takwas. Tambayoyi suka ɗauke. Manajan ma bai tambayi komai ba. Ya auna ma'aikatansa, ya zaɓa, ya sa aka yi wa kowane aljihu surfanin sunan gidan abincin. Wannan aikin ne ya sa mai shagon da suke haya ya ɗaga musu ƙafa kan maganar tashinsu.

Bayan ta ga hoton, ta sake auna wata riga, lambar ta fito yadda ta rubuta. Sai ta kwashi rigar da tef ɗin ta nufi gida.

Baba na kishingiɗe a tabarma. Ya bar ta ta auna a gabansa, sannan ya miƙo hannunsa mai lafiya.

"Daga ina kika fara?" Maganarsa a hankali take fita yanzu.

"Daga ƙarfen bakin, Baba."

Ya juya bakin tef ɗin ya nuna mata. Lamba ta farko bayan ƙarfen huɗu ce. Dutsen guga ne ya cinye santimita uku tun tana firamare, Baba ya yanke wurin, ya mayar da ƙarfen ya matse.

"Ni daga goma nake farawa, in cire goma," in ji shi. "Dogo ma ya sani."

"Ni ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba, 'yar boko." Ya so ya yi dariya, bakin bai ba shi haɗin kai ba.

Ta yi lissafin a zuci. Ukun nan ta ninka su biyu, kowace riga ta gaza abin da ta rubuta da santimita shida. Sararin da ta bar wa mutum ya numfasa ya koma biyu, a yadin da ba ya miƙewa.

Da ta koma shago, Dogo ya juya rigar ciki waje ya duba ɗinkin gefe. "Auta, abin da na bari a nan ko akuya ba za ta ƙoshi da shi ba. Ba ta buɗuwa. Sai dai a tsaga gefe a ƙara ƙyalle, kuma mai ido zai gani."

"In ba su yarda ba fa, Kawu?"

"Wa zai sayi riga da sunan gidan abincin wani a ƙirji?"

Ta kira manajan ta faɗa masa gaskiya. Ya ce shi ma a ƙarƙashin wani yake, zai nuna wa mai gidan abincin. In ya amince da ƙarin ƙyallen, to. In bai amince ba, su zo su kwashe kayansu.

Ta sayo sabon tef, ta gyara lambobin duka. Baba ya daina tambayar shago. Da safe sai ya sa a juya masa tabarma ta kalli bango. Jiya mai shago ya leƙo, ya gaishe su, ya daɗe yana kallon keken.

Har yanzu manajan bai kira ba.