Littafin da Garae bai samu ba

Yayana Garae mai busar da kwakwa ne a ƙauyenmu Vatmera, amma in ka kira shi haka sai ya ɓata rai. Shi a wurinsa marubuci ne. Shekara ashirin yana tara kalmomin ƙauyenmu a littattafan rubutu, yana adana su cikin gwangwanin biskit saboda danshi.

Ciwonsa ɗaya ne a duniya: Bule, ɗan kawunmu na Lolsari, ƙauyen da ke bayan dutse. Tare suka yi makaranta, kuma Garae ne kullum a gaba. Amma da aka zo yin littafin koyon karatu da harshen gida, maganar Lolsari aka ɗauka, aka buga sunan Bule a bango, aka aiko wa yaranmu. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa Garae, ko gwaza Bule ya aiko masa sai ya ce ba ta da gari.

Ya yi ta aika takardu Port Vila, babban birnin ƙasarmu, cewa namu harshe ne daban. Daga ƙarshe jirgin ruwa ya sauke mana Malama Leisande, masaniyar harsuna. Ta ce in bincike ya nuna haka, Vatmera za ta sami nata littafin. Kowa ya san wanda zai rubuta shi.

Ta fara da kalmomi ɗari biyu: ruwa, wuta, kwarkwata, hanci. Ta gwada da na Lolsari, ta ce kusan kashi saba'in da biyar cikin ɗari tushensu ɗaya.

"To mun ci ke nan?" in ji Garae.

"Ba ku ci ba, ba ku faɗi ba," in ji ta. "Kalmomi kaɗai ba sa yanke hukunci. Sai na ga ko mutanenku na gane maganarsu ba tare da sun koya ba."

Ta riga ta ɗauko muryar wani ɗan Lolsari yana ba da labari. Za ta sa wa mutum goma, ɗaya bayan ɗaya, tana yin tambayoyi. Amma ba ta son wanda ya zauna can ko wanda uwarsa 'yar can ce, don wannan koya ya yi. Ni da Garae muka fita daga lissafi, don uwarmu 'yar can ce. Ta kuma ɗauki muryarsa yana ba da labarin aladen da ya kore shi har kan bishiya. Daɗi ya hana shi tambayar dalili.

Washegari da safe ya bi mutanen gida-gida. "Kome ta sa muku a kunne, ku ce ba ku gane ba. Kun ji ko?"

Na ce, "Yaya, ka bar su su faɗi gaskiya mana."

"Ke dai ki ji da laplap ɗin da kike dafawa. Bule ya sha ni sau ɗaya, ba zai ƙara ba."

Mutanenmu akwai biyayya. Abin da Garae bai sani ba shi ne, labarin gida ake fara sa wa mutum, a tabbatar ya fahimci yadda gwajin yake. Wanda ya kasa amsa na ƙauyensu, ba a lissafa amsarsa ta gaba. Mutum tara suka saurari muryar Garae, maƙwabcinsu, suka girgiza kai.

"Wace dabba ce ta kore shi?" in ji Malama.

"Wallahi, 'yata, ban kama ko kalma ba," in ji Baba Aru, wanda shi ne mai aladen.

Iya Motari ce kaɗai Garae bai samu a gida ba, ta tafi gona. Ta amsa tambayoyin labarin gida goma cif, tana dariya. Na Lolsari uku ta iya.

Ran tafiya Malama ta sami Garae a bakin teku, ina tsaye. Ba ta yi faɗa ba.

"Da sauran sun yi kusa da abin da Iya ta yi, da na rubuta cewa littafin Lolsari ba zai wadatar da ku ba. Kuma yadda kuke ɗaukar kanku ma abin dubawa ne. Amma mutum ɗaya ba hujja ba ce, kuma waɗanda ba su saba da can ba duk ka ɓata mini su."



Shekara shida ke nan ba ta dawo ba. Jikar Garae tana aji ɗaya yanzu. In ta kawo littafin Bule, shi ke zama da ita a ƙofar ɗaki yana fassara mata layi-layi, don ba ta ganewa. Yakan ɗora babban yatsansa kan sunan da ke bango.