Shekaru Shidan da Yaya Ya Ƙara Mini

Shekarata goma sha huɗu lokacin da yayana ya ɗauko ni daga ƙauyenmu a Jigawa ya kawo ni Sharaɗa, unguwar masana'antu. Yana aiki a wani kamfanin roba, kuma ba a ɗaukar yaro. Na yi tsawo da wuri. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya rubuta ashirin a takardar ɗaukar aiki, ya sa hannu shi ne mai tsaya mini. Daga baya duk inda aka tambayi ranar haihuwata, a banki ko wajen katin ɗan ƙasa, ta kamfani nake bayarwa, don kada takardu su saɓa.

Bana aka miƙo mini wasiƙa: nan da wata huɗu zan cika sittin, zan ajiye aiki. Ni kuwa hamsin da huɗu gare ni, ga yara uku a makaranta, kuma in ba injin da nake aiki da shi ba ban iya komai ba.

Ana cikin azumi na kai wa Yaya wasiƙar a gidansa na Zawaciki. Ya yi dariya har da tari.

"Ashe ka kusa kamo ni, tsoho. Ni na ƙara, ni zan rage. Bari a sha ruwa mu je kotu in rantse."

Bai ga Sallah ba. Ranar ashirin ga azumi muka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai na je ofishin katin ɗan ƙasa. Ma'aikaciyar ta yi mini bayani a hankali. Tunda ba a yi mini rajista da aka haife ni ba, sai wani babba a dangi ya yi rantsuwar shekaruna a kotu, in kai wa hukumar ƙidaya ta ba ni takardar shaidar haihuwa, sannan in nemi gyara. Ta ce in akwai takardar firamare, in haɗa.

"Baba, sau ɗaya ake canza ranar haihuwa. Ku tabbata kafin ku cike."

Takardar firamare ba ni da ita, a aji biyar na tsaya. Na je makarantar, aka ce gara ta cinye tsofaffin rajistoci. Abin da ya rage shi ne littafin fiƙihun mahaifinmu. Duk ɗan da aka haifa masa, yakan rubuta rana da wata da shekarar Hijira a bangon ciki. Limamin garinmu ya karanta layina, ya mayar da shi lissafin Turawa. Hamsin da huɗu ne cif.

A ƙofar kotu wani mutum ya tare ni, ya ce in ba ni da babba zai zama kawuna na minti goma. Na ce na gode, ƙarya ɗaya ta ishe ni. Na koma ƙauye na ɗauko gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, da ƙyar take taka ƙasa. Da magatakarda ya tambaye ta ko ta san ranar, sai ta ce, "Ni na yi masa wankan farko, ɗan nan. Kai kana ina?" Ta dangwala yatsa.

Hukumar ƙidaya ta ba ni takarda. Na shigar da neman gyaran kati, aka ce in jira. Na kwashi komai na kai wa shugaban ma'aikatan kamfaninmu. Mutumin kirki ne, har gida ya zo mana ta'aziyya. Ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, har littafin ya buɗe da hannu biyu. Sannan ya ciro fayil ɗina.

"Malam, na yarda da ku. Amma ko an gyara katin, dokar kamfani ita ce shekarun da mutum ya shigo da su, da su zai fita."

"Ba yadda za a yi, ranka ya daɗe?"

"Sai dai ku rubuta wa masu kamfani cewa takardar farko ƙarya ce, ku da mai tsaya muku kuka shirya ta. Ban ce za su karɓa ba. Suna iya cewa yaudara ce, ku fita ba ta hanyar da kuke so ba."

Ya juyo mini takardar. Ta yi ja don tsufa. Ga ashirin ɗin nan, ga sa hannun Yaya a ƙasa, ya danna biro har ya kusa huda ta, kamar yadda yake yin komai. Na daɗe ina kallo. Ta taga ina jin ƙarar injina, wani ke riƙe da shi.

Ban rubuta wasiƙar ba. Na roƙe shi ya yi mini hoton takardar, don ba ni da rubutun Yaya ko ɗaya. Ya yi mini, na sa ta cikin littafin mahaifinmu. Saura mini kwana goma sha tara, kuma katin bai fito ba.