Hoton Ɗan Fari a Wayar Hajiya Safiya

Kusan duk wanda aka haifa a Gyaɗi-Gyaɗi shekara talatin da suka wuce, hannun Hajiya Safiya ne ya fara karɓarsa. Ungozoma ce ta asibiti, gajera, mai faɗa, ba ta son son-jiki. Mace tana naƙuda tana kiran sunan uwarta, Hajiya za ta ce, "Uwar taki ma haka ta yi, yunƙura!" Amma in an sauka lafiya, ita ce ke fara share wa mai jego zufa. Ta yi ritaya da daɗewa, har yau in ta ratsa kasuwar Tarauni sai ta ga ƙato da gemu ya durƙusa yana gaishe ta, wai ita ta yanke masa cibiya.

Duk bokonta, akwai al'ada ɗaya da ta riƙe gam: kunyar ɗan fari. Mu'azu ne ɗanta na farko, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tsayawa ta ƙare masa kallo. Kakarsa ce ta goye shi. Shekara biyu bayansa aka haifi Yusuf, shi kam ya sha goyo da kiran suna har ya gaji. Kada wani ya ce ba ta son Mu'azu. Tana sonsa har cikin ranta, sai dai haka ta ga uwarta ta yi, ita ma ta yi.

Mijinta, Malam Inuwa, mutum ne mai son hoto da son tsari. Kowane yaro ya fara zama, sai ya kai shi shagon mai hoto na bakin titi, a ɗora shi a kan kujera ɗaya, gaban labule ɗaya. Su biyun riga ɗaya suka sa, da hular ulu ɗaya da Hajiya ta saƙa, don a gidan nan ba a zubar da kayan wa alhali ƙane na tafe. In an wanko hoton, Malam ya juya bayansa ya rubuta suna da shekara da biro.

Mu'azu ya rasu a hatsarin mota yana da shekara ashirin da biyar, matarsa na da ciki wata shida. Da aka haifi yarinyar aka sa mata sunan Hajiya, ana kiranta Ummi. A gaban Hajiya ta girma. Daga baya Malam Inuwa ma ya rasu, hotunan suka zauna a gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, a cakuɗe.

Shekara huɗu da suka wuce Yusuf ya zo hutu daga Fatakwal, ya saya mata babbar waya. Ya zazzage gwangwanin a kan tabarma, ya riƙa ɗaukar fuskar kowane hoto da wayar, yadda suka zo hannunsa. Bayan kwana biyu wayar ta tattara fuskoki, ta kasa su kashi-kashi, tana tambayar su wane ne. Yusuf ya bi hotunan jarirai da rubutun mahaifinsa, ya cire na wansa daga kashinsa, ya gyara, ya rubuta "Yusuf" a kan nasa. Da ya zo kan ɗaya kashin ya ce, "Hajiya, me zan sa a nan?"

"Bar shi haka," ta ce, tana kallon bango.

Ya bar shi ba suna. Bayan hotunan kuwa bai ɗauka ba. Wa zai yi tunanin ɗaukar bayan hoto?

Wata rana da hantsi dangin wanda zai auri Ummi suka zo, mata cike da falo. Hajiya ta buɗe waya za ta nuna musu samfurin anko, sai ga fuskoki biyu na jarirai a cikin 'yan da'irori, wayar tana tambaya ko mutum ɗaya ne. Ɗayan yana ɗauke da sunan Yusuf, ɗayan ba suna, don haka ta san ko wane ne. Wata baƙuwa ta leƙo ta ce, "A'a, Hajiya, wane ne wannan kyakkyawan?" Kunya ta kama ta, tsofai-tsofai da ita a gan ta tana kallon hoton ɗan fari. Ta danna abin da yatsanta ya fara samu don kawai ya ɓace. Ya ɓace kuwa, ta ci gaba da zancen anko.

Damina ta gaba ruwa ya shiga ɗakin har idon sawu. Ba a tuna da gwangwanin ba sai bayan sati. Hotunan sun manne da juna, biron ya narke. Hajiya ta ji zafi, amma ta ce ai suna cikin waya.

Bana Ummi ta haifi namiji, aka yi masa huɗuba da sunan Mu'azu. Ta zo wankan gida wurin Hajiya. Duk tsohuwar da ta zo barka sai ta ce, "Kai, wannan kakansa sak!" Wata safiya Ummi tana shayar da shi ta ce, "Hajiya, ni hoton aurensu kaɗai na sani. Ki nuna mini Abbana yana jariri, in gani da idona."

Hajiya ta sa tabarau ta shiga neman kashin nan marar suna. Babu shi. Ta buɗe na Yusuf, sai ga jarirai tara a jere, kujera ɗaya, labule ɗaya, hula ɗaya. Ta ƙura musu ido. Matar da ta karɓi haihuwar da ba ta ƙirguwa ta kasa cewa wannan ne. Ta ce wa Ummi wayar ce ke ba ta matsala, za ta kai a duba.

A bakin kasuwar Tarauni akwai shagon Izuchukwu mai gyaran waya. Haifaffen Kano ne, furfura ta fara fito masa, kuma Hajiya ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansa biyu. Ya ba ta kujera, ya saurare ta har ta gama.

"Izu, ka ce wa wayar nan ta dawo mini da shi yadda yake."

"Mama, ita fa ba ta san kowa ba," ya ce. "In ta ga fuska, auna ta take yi, ta mayar da ita lambobi. Waɗanda lambobinsu suka yi kusa ta tara su wuri ɗaya. Sunan kuwa ku kuke ba ta. In tana shakka ta tambaye ku, abin da kuka ce shi za ta riƙe. An ce mata mutum ɗaya ne, ta haɗa."

"To ta raba mana."

"Irin wannan haɗin ba ya da komawa baya. Sai dai a cire ɗaya bayan ɗaya. Ki nuna mini nasa, yanzu in cire."

Nasan ne ba ta iya ganewa. Ai abin da ya kawo ta ke nan.

Ya duba ranar ɗaukar hotunan, duka rana ɗaya ce, ranar da Yusuf ya zauna a tabarma. Ya kira Yusuf a waya, Yusuf ya ce wallahi ba zai iya tunawa ba, shi ma rubutun Baba ya bi. Izuchukwu ya ce bari ya gwada wani abu. Ya kwafe hotunan zuwa wata wayar da ba ta taɓa ganinsu ba, ya haɗa da hoton auren Mu'azu, ya ce ta dawo jibi.

Da ta dawo, sabuwar wayar ta kasa jariran gida uku: huɗu a nan, uku a can, biyu kuma ba ta sa su ko'ina ba. Hoton auren yana gefe shi kaɗai.

"Mutum biyu ne, ya aka yi suka zama uku?"

"Fuskar jariri duk kumatu ce, Mama, ba ta gama fitowa ba. Ga shi uwa ɗaya uba ɗaya. Hoton ya tsufa, ga hasken taga ya daki wasu lokacin da aka ɗauka. Wataƙila wannan kashin waɗanda suka yi duhu ne kawai. Daga jariri zuwa ango kuwa tafiyar ta yi mata nisa. Ko da ta ce ga shi, kintace ne, ba zan ce ki yarda ba." Ya sassauta murya. "Ke ce uwa. Ba wata alama? Kunne, ko tabo?"

Ta san kunnen Yusuf, ta san yadda yake murtuke fuska, amma duk taran sun murtuke. Na Mu'azu kuwa, ta lalubi ranta ba ta samu ba. Abin da ta tuna shi ne bayan kansa a goye a bayan kakarsa, da kukansa daga wani ɗakin tana jin nono na mata zogi tana jira baƙi su tafi. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin wayar, ta kuma rasa wanda za ta yi wa faɗa. Ta ce, "Ban taɓa tsayawa na kalle shi ba, Izu." Ya miƙa mata wayarta da hannu biyu.

Ta shiga adaidaita sahu ta koma gida. Ummi na zaune a tsakar gida, jaririn a cinyarta.

"An gyara, Hajiya?"

Hajiya ta zauna a gefen tabarma. Ta yi niyyar faɗar gaskiya, ta ma buɗe baki. Sai ta ga yadda yarinyar ta matso, ta gyara wa jaririn kwanciya don fuskarsa ta fito sosai. Shekararta ashirin da biyu, ba ta taɓa roƙon komai na ubanta ba sai wannan. Hajiya ta buɗe hotunan, ta ɗora yatsa a kan na uku, don kawai ya fi sauran haske.

"Wannan."

Ummi ta kalli hoton, ta kalli ɗanta, hawaye suka zubo mata tana dariya. "Wallahi hancin ne! Hajiya, dubi hancin!" Ta tura hoton zuwa wayarta, ta sumbaci gilashin.

Bayan kwana biyu suna cin tuwo da rana, Ummi ta ce, "Kin ga, wayata ma tana tambayata wane ne." Ta goge hannu, ta rubuta "Abbana". Ta juyo tana murna. "Ki turo mini sauran takwas ɗin, yanzu da ta san shi ita za ta zaɓo mini nasa da kanta."

Hajiya Safiya ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta ɗauki wayar, ta tura mata su duka.