Mama Rahila Da Hoton Macijin Haruna

Shekara goma sha biyu muna maƙwabtaka da Mama Rahila a Gyadi-Gyadi, ni dai na san tsohuwar nas ce 'yar Filato mai sayar da kunun zaƙi, mai faɗa in yara suka taka mata shuka. Ban san ta yi shekara ashirin tana jinyar waɗanda maciji ya sara a wajen Langtang ba, sai ranar da ƙanena Haruna ya gamu da nasa.

A 2008 ne. Yana sauke itace daga mota a Unguwa Uku, maciji ya sare shi a yatsa. Direban motar ya ɗauki hoton macijin da waya kafin ya shige cikin itacen. Shi da direban suka kawo min hoton gida, saboda ina kiwon kaji kuma ina da bakin cewa na san macizai. Na ga ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo a gadon baya, na yi dariya.

"Ɓarawon ƙwai ne," na ce. "Ko haƙorin kirki ba shi da shi. Guda nawa na kashe a akurki?"

Haruna ya ɗaure yatsa zai koma aiki. Mama Rahila da ke ƙofar gida ta miƙo hannu.

"Malam Shehu, ba ni wayar nan."

Ta jima tana kallo, ta kai hoton har dab da hancinta.

"Zanen kawai ka duba. Ai mai shan ƙwai kayan kububuwa yake sawa don a ji tsoronsa, har ƙarar da take yi da jikinta yana kwaikwayo. Ita kanta kububuwar wata ja-ja ce, wata toka-toka, in ta kusa saɓa kuma duk ta dushe. Ga hasken waya yana ƙara nasa. Dubi kan."

Na duba. Kai mai faɗi, wuya siriri, wutsiya guntuwa.

"Na akurkinka kansa da wuyansa kusan ɗaya ne. Amma hoton nan bai fita sosai ba, ba zan rantse a kansa ba. Jininsa za a tambaya."

Ta tsayar da a-daidaita-sahu da kanta. A asibiti aka ɗebi jinin Haruna a busasshiyar kwalba, aka ajiye minti ashirin. Jinin mai lafiya daskarewa yake yi. Da aka karkata kwalbar, nasa ya gangaro kamar zoɓo. Kafin a gama haɗa allurar karya dafin, dasashinsa ya fara jini.

Tsoro ya kama ni, da mamakin Allahn da ya yi halittu biyu da zane ɗaya, ɗaya ba ta iya kashe ko ɗan tsako, ɗaya tana tsinka jinin ƙato.

Kwana huɗu aka sallami Haruna. Na je yi mata godiya, na tarar tana tace kunu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"A can Langtang na wanke gawar wani manomi," ta ce. "Shi ma yayansa ne ya ce ya san macijin."